Babur Mai Giya Ko Sikuta? Layin Unguwarku Ne Zai Raba Gardama

Mutumin da ke zaune a cikin Ɗorayi, ko can bayan Kurna, ko Rimin Kebe, hanya iri biyu yake bi kowace safiya kafin ya isa wurin nemansa a cikin Kano. Akwai kwalta, wadda ita ce mafi tsawo, ita ce kuma yake ambata idan an tambaye shi nisan wurin aikinsa. Akwai kuma guntuwar hanyar da ke tsakanin ƙofar gidansa da bakin titi, inda yashi yake taruwa da rani, ruwa ya kwanta da damina, kowane maigida kuma ya gina wa kansa tudun rage gudu da ɓaraguzan bulo yadda ya ga dama. Wannan guntuwar hanyar ce ke cinye abin hawa, kuma ita ake mantawa da ita ranar da aka je sayen babur.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau uku, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama suka jingine motocinsu suka koma kan ƙafa biyu. Cikinsu akwai waɗanda rabonsu da babur tun suna samari, akwai ma waɗanda ba su taɓa taka giya ba. Irin waɗannan su ne sikuta ke ɗaukar wa hankali: ba kuloci, ba giya, ka murɗa ka tafi, ga wurin ajiya a ƙarƙashin kujera, ga kyan gani. A gefe guda kuma ga babur mai giya irin su Boxer ta kamfanin Bajaj, mai injin da bai wuce cc 100 zuwa 150 ba, wanda ba ya burge kowa amma kowane bakanike ya san cikinsa.

Kafin a shiga gardamar, akwai abin da ya kamata a warware. Baburan nan masu jikin roba da ake kira roba-roba, irin na Haojue da Lifan, ba sikuta ba ne, ko da yake daga nesa sun yi kama. Jikokin Honda Super Cub ne, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1958. Tayarsu babba ce, inci 17, injinsu a ɗaure yake a jikin firam, da sarƙa suke tafiya, kuma ana taka musu giya, sai dai ba a kama kuloci. Sikuta ta ainihi kuwa tayarta ƙarama ce, yawanci inci 10 ko 12, da bel take tafiya, ita ke canza wa kanta giya, injinta kuma yana haɗe da tayar baya. Tsohuwar Besfa da malaman makaranta suka yi yayi a da, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1946, ita ce kakar wannan zubi, duk da cewa ita da hannun hagu ake sa mata giya.

Abin da rami yake yi wa taya

A jikin kowace taya akwai lambobi. Ta bayan ƙaramin babur mai giya za ka ga an rubuta 3.00-17, ta sikuta kuma sau da yawa 3.50-10. Lambar ƙarshe faɗin wili ce a inci, ta farko kuma kaurin tayar. Idan aka haɗa wili da robar sama da ta ƙasa, tayar babur tana kai inci 23 daga ƙasa zuwa samanta, wato kimanin santimita 58. Ta sikuta tana tsayawa a inci 17, kimanin santimita 43.

Yanzu a kawo rami mai zurfi wanda bakinsa ya kai santimita 30, a turo kowace taya a hankali ta bi ta kansa. Babbar taya za ta nutsa kamar santimita 4 kafin gabanta ya dafa ɗaya bakin. Ƙaramar za ta nutsa santimita 6. Bambancin bai taka kara ya karya ba. To amma a ƙara wa bakin ramin santimita goma kacal, ya zama 40. Babbar taya za ta nutsa santimita 8 ta fito. Ƙaramar za ta nutsa kusan 14, domin saura ƙiris ramin ya haɗiye ta baki ɗaya, kuma bakin ramin zai dake ta ne kusa da tsakiyarta, inda ba ta iya hawa sai dai ta ci karo. Wannan karon shi ne ke fizge kan sikuta daga hannun mutum, shi ne ke lanƙwasa wili. Ko 'yan ga-ruwa sun san wannan lissafi ba tare da biro ba: kurarsu mai ɗaukar jarkoki goma sha wani abu a kan manyan tayoyi take tafiya, shi ya sa take ratsa layin da baro mai ƙaramar taya yake cijewa a cikinsa.

Ramin da ya fi haɗari shi ne wanda ruwa ya rufe. A watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Kano, ba ka ganin bakin rami balle ka auna shi, sai dai ka ji ka faɗa. Mai babbar taya yana da rarar kuskure. Mai ƙarama dole ya haddace ramukan hanyarsa tun da rani, kuma damina tana haƙa sababbi.

A cikin yashi ma haka abin yake. Ƙaramar taya tana saurin nutsewa ta fara huɗa, kan babur ya riƙa karkata hagu da dama. A kan babur mai giya mutum yana matse tanki da gwiwoyinsa, ya ɗan ɗaga jikinsa a kan matakai, ya sa giya ta biyu ya riƙe wuta daidai, babur ya yi ta rawarsa a ƙarƙashinsa har su fita. A kan sikuta babu tankin da za a matse, ƙafafu a jere suke a kan faranti kamar mai zaman kujera, don haka duk rawar da gaba ya yi a hannu take ƙarewa. Wanda bai saba ba sai ya damƙe birkin gaba, kuma damƙe birkin gaba a cikin yashi shi ne hanya mafi kusa zuwa ƙasa.

Akwai kuma wani ƙaramin lissafi da ke fitowa a aljihu. A kowace kilomita babbar taya tana juyawa sau 550 ko kusa da haka, ƙaramar kuma sau 740. Kowane ɓangare na robar sikuta yana gugar ƙasa fiye da na babur da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka idan ingancin robar ɗaya ne, ita za ta riga siɗewa.

Inda injin yake zaune

Wannan shi ne abin da mai saye ba ya gani, domin roba ta rufe shi. A babur mai giya da roba-roba, injin a jikin firam yake, a saman shok. Idan tayar baya ta daki tudu, ita da ƙarfen da ke riƙe da ita ne kawai suke tsalle, kuma ba su da nauyi, sai shok ya mayar da su ƙasa nan take. A sikuta kuwa, injin da akwatin bel da salansa da tayar baya duk abu guda ne, tare suke hawa tare suke sauka. Shok ɗin da aka ɗora wa wannan aiki gajere ne, a wasu ma guda ɗaya ne tak a gefen hagu. Nauyi mai yawa ba ya saurin tashi, idan ya tashi kuma ba ya saurin dawowa. Shi ya sa a kan gargada mai sikuta yake jin kowane duka a ƙugunsa, tayar baya kuma ta riƙa rabuwa da ƙasa na ɗan lokaci, daidai lokacin da ake bukatar ta kama birki.

Dukan ba ya tsayawa a ƙugun mai ita. Injin sikuta yana rataye ne a jikin firam ta wasu robobi masu ƙarfe a tsakiya. Su ne suke fara mutuwa a hanya marar kyau. Alamar ita ce ka ji bayan yana lilo a kwana kamar iskar taya ta ragu alhali ba ta ragu ba, ko ka ji ƙwas a ƙarƙashinka duk sanda ka ba da wuta bayan ka saki. Daga nan sai boris ɗin wuya, sai ƙananan kunnuwan da ke riƙe robobin jiki, waɗanda suke karyewa ɗaya bayan ɗaya har sikutar da aka saya don kyanta ta koma ɗaure da waya tana kaɗawa.

Tsayin ciki daga ƙasa kuma ba a yarda da abin da aka rubuta a takarda. Sikutocin da aka ƙera don Indiya, irin su Honda Activa, an ɗaga cikinsu saboda su ma can hanyoyinsu ba su da daɗi. Da yawa daga cikin na China masu araha kuwa cikinsu a ƙasa yake. Hanyar ganewa ita ce mai saye ya hau, ya ɗora wanda zai riƙa goyawa, wani ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi kowane sauka, wanda yawanci tsayuwar tsakiya ce ko gwiwar salansa. Sai a je a auna tudun da ya fi kowane tsini a layin gida. Idan tudun ya fi, to kullum sai an ji ƙarar ƙarfe sau biyu, da fita da dawowa.

Ruwa da ƙura

A babur mai giya matatar iska tana ƙarƙashin kujera, sama da gwiwar mutum idan yana tsaye. Sarƙa kuma ba ruwanta da jiƙewa, a wanke ta a sa mata mai ta ci gaba da aiki. A sikuta matatar iska tana zaune ne a kan akwatin bel, gefen hagu na tayar baya, ba ta fi tsakiyar tayar tsawo da yawa ba. Akwatin bel ɗin kansa yana da ƙofar shan iska don ya huce. Ruwan da ya kai tsakiyar tayar sikuta, wanda a babbar taya bai kai ko'ina ba, ya riga ya iso bakin waɗannan ƙofofi biyu.

Idan ruwa ya shiga akwatin bel, injin zai yi ta kuka amma sikuta ba ta gaba, domin bel yana sulɓi. Wannan mai sauƙi ne: a fito da ita, a ɗora ta a tsayuwar tsakiya, a bar ruwan ya tsiyaye, in da hali a buɗe murfin a shanya. Babbar matsala ita ce ruwa ya bi ta matatar iska ya shiga cikin injin. Fistin yana matse iska amma ba ya iya matse ruwa, don haka idan aka tilasta masa, sandar da ke tura shi ce za ta lanƙwashe. Duk abin hawan da ya mutu a tsakiyar ruwa, babur ne ko sikuta, kada a taɓa sitata. A turo shi waje, a kwance fulogi, a yi ta buga kik har ruwan ya daina fesowa ta ramin fulogin, a matse ko a canza matatar iska, a zubar da man da ke cikin kwanon kafireto. Sannan a zaro ma'aunin baƙin mai a duba. Idan ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya gauraya da shi, sai an juye an zuba sabo kafin a yi tafiya.

Da hunturu kuma ƙura ce. A nan babur mai giya ma yana da tasa lalurar, domin yashi da man sarƙa idan suka haɗu suna cin sarƙar da haƙoranta. Maganin yana nan tun daga kamfani, wato murfin nan da ke rufe sarƙa ruf, wanda samari ke cirewa su jefar wai yana ƙara ko yana rage wa babur kyau. Wanda ya bar murfinsa, yana sa mai, yana duba sarƙar duk bayan kilomita 500 zuwa 1,000 ya tabbatar lilonta a tsakiya bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, zai daɗe bai sayi wata ba. Sarƙa kuma tana da kirki guda: ba ta mutuwa sai ta yi gargaɗi. Za ta saki, za ta yi ƙara, haƙoran za su yi tsini su karkata, duk a gaban idonka.

Bel ba ya gargaɗi a fili, domin a rufe yake. A cikin akwatinsa akwai faifai biyu masu buɗewa da tsukewa, da wasu ƙananan rola guda shida da ke turawa idan injin ya ɗau gudu, da kuloci busasshe a baya. Ƙura da zafi suna cinye gefen bel ya sirance, rola su yi fage a gefe guda, kuloci ya yi santsi. Mai lura zai ji alamu: sikuta tana karkarwa lokacin tashi, ko injin yana ihu fiye da gudun da ake yi, ko gudun ƙarshe ya ragu ba dalili. Kamfanoni da yawa suna cewa a canza bel a wajen kilomita 20,000 zuwa 25,000, amma wannan na bel ɗin asali ne a hanya mai tsabta. Ranar da ya tsinke kuwa babu dabara. Sarƙa ana iya ɗaure ta a lallaɓa zuwa gida, bel sai sabo. Haka nan idan batir ya mutu kik kuma ya ƙi, babur mai kuloci ana tura shi a giya ta biyu ya tashi, sikuta ko an tura ta daga nan zuwa Wudil ba za ta tashi ba, domin tayarta ba ta iya juya injin.

Lissafin wani malamin makaranta

Mu ɗauki malami mai tafiyar kilomita 12 zuwa makarantarsa, biyu daga ciki hanyar ƙasa ce, goma kwalta mai faci da cunkoso a mahaɗa biyu ko uku. Zuwa da dawowa kilomita 24 ke nan. Idan yana fita kwana 26 a wata, har da zirga-zirgar Asabar, ya yi kilomita 624, a shekara kusan 7,500. Kashi ɗaya cikin shida na wannan tafiya, sama da kilomita ɗari kowane wata, a kan gargada da yashi yake yin ta.

Ta fuskar mai, bel yana ɓarnatar da wani kaso na ƙarfin injin ta hanyar guga da zafi, kuma a cunkoso injin sikuta yana juyawa da sauri fiye da na babur da ke giyar da ta dace. Don haka idan girman injin ya yi kusa, babur mai giya ya fi tsimi. A misali, in babur yana ba shi kilomita 50 a lita, sikuta kuma 38, to a wata zai sha lita 12 da rabi a kan babur, lita 16 da ɗoriya a kan sikuta. Bambancin lita huɗu ne. Kuɗi ne, amma bai kai abin da zai yanke hukunci shi kaɗai ba, kuma lambobin nan kowa ya auna nasa: a cika tanki fal, a rubuta lambar mita, a yi tafiyar kwana uku, a sake cikawa a gidan mai ɗaya, a raba kilomita da litar da ta shiga. Abin da dillali ya faɗa a kan shan mai a bar masa kayansa.

Inda lissafin ya fi nauyi shi ne ranakun da abin hawa zai kwana a wurin gyara. A ce ƙusa ta huda tayar baya da ƙarfe bakwai na safe. A babur, mai facin bakin titi zai zare ƙarfen tsakiya ya fitar da tayar, tiyub mai inci 17 kuma ko a ƙauye akwai shi. A sikutoci da yawa sai an fara kwance salansa, mai zafi a lokacin, sannan a nemo babban soket a kwance goro guda da aka ɗaure tamau kafin tayar ta fito. Idan tayar marar tiyub ce abin ya zo da sauƙi, a cusa mata ƙulli tana jikinta a buga iska. Sai dai taya marar tiyub amanarta tana ga lafiyar wili. Da zarar rami ya lotsa bakin wilin, iska za ta riƙa zurarewa kullum, wilin alminiyon kuma idan aka ce za a buga shi ya miƙe yakan tsage. Wilin ƙarfe mai siraran wayoyi ana buga shi, a ɗaure wayoyin, ya koma aiki a ranar.

Sai kayan gyara. Kano gari ne da ya yi shekaru yana rayuwa a kan acaɓa kafin gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero. A Daidaita Sahu ta gaje fasinjojin, amma makanikan da shagunan safaya suna nan, kuma abin da hannunsu ya saba da shi sarƙa ce da kuloci da giya. Roba-roba ma ta shiga wannan sahu tuntuni. Bel da rola kuwa ba kowane shago ba, kuma bel ba a sayensa da ido. Lamba uku ce a jikinsa, tsawo da faɗi da kusurwa, misali 743-20-30 ko 835-20-30 a injinan China da ake kira GY6. Wanda ya fi tsawo ko gajarta zai shiga, sikuta ta yi tafiya, amma ba zai daɗe ba. Ga malaminmu mai kilomita 7,500 a shekara, bel na asali zai iya kai shi shekara biyu da rabi ko uku, na jabu kuma ƙila ko damina biyu ba zai gani ba. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma wani mai da ake mantawa da shi. Bayan baƙin man injin, sikuta tana da ɗan ƙaramin akwatin giya a jikin tayar baya, mai cin man giya kaɗan, bai fi rabin ƙaramin kofin shayi da ɗan ƙari ba. Bakaniken da bai saba da ita ba zai yi shekara yana juye baƙin mai bai taɓa wannan ba. Idan ruwan damina ya shiga ciki, sai a fara jin wani siririn kuka daga baya mai ƙaruwa da gudu, kuma kafin a farga boris da haƙoran sun tafi. Shi ma babur mai giya yana da nasa tarkon: kulocinsa a cikin baƙin mai yake wanka, don haka man mota mai yawan santsi yana sa shi sulɓi. A nemi galan mai ɗauke da JASO MA. Mai JASO MB na sikuta ne.

A ganina, ga wannan malami, da kilomita ɗarinsa na gargada a wata da kuma albashin da ba ya jure kwana uku na kuɗin A Daidaita Sahu, sikuta mai inci 10 ba tasa ba ce. Babur mai giya ko roba-roba.

Waɗanda sikuta ta fi yi wa rana

Duk da haka ba adalci ba ne a ce sikuta kayan ado ce kawai. A cunkoson Kantin Kwari ko na Bata da yamma, inda ake tafiya taku biyar a tsaya, mai babur yana kama kuloci yana saki har yatsunsa su ƙage, mai sikuta kuwa hannun dama kawai yake motsawa. Ga wanda ya fara hawa da girma, ko mai ciwon gwiwa ko idon sawu, rashin giya da birkin ƙafa ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma hankalin da zai kashe wajen neman giya ya koma kan hanya. Kujerarta ba ta da tsawo, nauyinta a ƙasa yake, ba a ɗaga ƙafa a haura ta.

Sutura ma tana da magana a nan. Mai babbar riga, da mace mai zani ko doguwar riga da hijabi, suna zama a kan sikuta ba tare da tattare kaya ba, garkuwar gaba kuma tana tare musu taɓo. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne babu sarƙa a fili, kuma yawancinsu wilinsu ba mai wayoyi ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tayar baya take naɗe bakin mayafi ta fizgo mai shi ƙasa ya san wannan ba batun kwalliya ba ne. A Damagaram da Maraɗi da Yamai, haka ma Tamale ta Ghana, inda mata ke tuƙa kansu zuwa kasuwa da ofis, baburan da ba a haurawa su ne suka fi yawa a hannunsu, ko da yake akasarinsu masu babbar taya ne irin roba-roba.

Wajen kaya kuma kowanne da irin nasa. Buhun shinkafa mai kilo 50 ko goyon babban mutum da yaro aikin babur mai giya ne, mai doguwar kujera da kariyar ƙarfe da shok biyu. Amma tukunyar gas mai kilo 12.5 ko jarkar ruwa ta fi zama lafiya a farantin sikuta, tsakanin ƙafafu, ƙasa-ƙasa kuma a tsakiya, fiye da a ɗaure ta a baya tana rinjayar mutum a kwana. Hular kwano da takardu da rigar ruwa kuma suna shiga ƙarƙashin kujera a kulle.

Saboda haka wanda gidansa ke bakin kwalta, tafiyarsa ba ta wuce cikin gari ba, kuma ya san inda zai kauce idan ruwa ya kwanta, sikuta za ta yi masa daɗi fiye da babur. In zai saya, ya nemi mai babbar taya. Akwai masu inci 14, irin zubin Honda Click da Yamaha Mio, waɗanda tsayin tayarsu yake kai santimita 50, akwai ma masu inci 16 a gaba kamar Piaggio Liberty. Waɗannan sun rage matsalar rami sosai, sai dai injin yana nan a kan tayar baya, matatar iska ma tana nan a ƙasa.

Kafin a biya kuɗi, musamman idan ta hannu ce, a fara da zagayen shagunan safaya na kusa da gida, ba da wurin dillali ba. A tambayi bel da rola da takalmin birki da tayar wannan samfurin. Idan shago uku suka ce sai an aiko daga Legas, an sami amsa. Idan akwai, sai a je a same ta da sanyin safiya kafin a ɗuma injin, a tashe ta da kik a ga ko yana aiki. A ɗora ta a tsayuwar tsakiya, a kama tayar baya da hannu biyu a girgiza hagu da dama. In injin ya motsa tare da ita, robobin rataya sun mutu. A danna baya tayar gaba ta tashi, a juya kan a hankali, in ya cije a tsakiya boris ɗin wuya ya tafi. A sa bakanike ya buɗe murfin bel, aikin minti goma ne, a duba tsagewa a cikin bel ɗin da fage a jikin rola da alamar tsatsa ko busasshen taɓo, wanda ke nuna ta taɓa nutsewa. Sannan a roƙi mai ita ya bari a gwada ta a kan hanyar ƙasa, da goyo a baya, domin a kan kwaltar gaban shago kowace sikuta lafiyayya ce. Bel na biyu mai lamba daidai kuma a saye shi a ranar, a naɗe shi a leda a ajiye ƙarƙashin kujera.